Yara na son a kira ƙungiyarsu "Guguwa", amma waƙarsu a sanyaye take

Tambaya: Ina koyar da yara 14 waƙa, 'yan shekara 11 zuwa 16, maza da mata. Ba ma amfani da kayan kiɗa sai tafi, kuma yawancin waƙoƙinmu a hankali muke rera su, ɗaya ta bayar saura su amsa da murya uku. Yaran sun nace a sa wa ƙungiyar suna "Guguwa", ni kuma raina bai kwanta da shi ba. Ta yaya za mu samu sunan da ya dace da salonmu?

Amsa: Malama, abin da ranki ya ba ki daidai ne. Mai sauraro yana jin sunan ƙungiya tun kafin ya ji muryarta, kuma da sunan yake shirya kunnensa. In mai gabatarwa ya ce "ga Guguwa nan", jama'a za su sa ran ganga da tsalle da ɗaga murya. Sai yaranki su fito su fara a hankali. Minti na farko zai tafi ne wajen gyara zaton da sunan ya jawo, alhali a wannan mintin ne ƙaramin mawaƙi ya fi bukatar a ba shi hankali. Yara kan zaɓi sunan da ke nuna yadda suke so a gan su. Aikinki shi ne ki maido da su kan yadda ake jin su.

Hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce a fara da kunnen baƙo. Ki ɗauki waƙoƙi uku a waya, waɗanda kuka fi rerawa, kada ki zaɓo wadda ta fita daban. Ki kunna wa mutum biyar da ba su san ƙungiyar ba, kowa shi kaɗai, ki ce ya ba ki kalmomi uku kan abin da ya ji. Kada ki sa iyayen yaran a ciki, domin su "daɗi" da "madalla" kawai za su ce, kuma ba a gina suna a kan yabo. Cikin kalmomi 15 da za ki tara, waɗanda suka maimaitu sau uku ko fiye su ne salonku. Da irin bayanin da kika yi, a ce "sanyi" da "amshi" ne suka fi fitowa. To daga nan za a nemi suna, kuma ki kai wa yaran takardar su gani da idonsu, don ya fi sauƙi su saki "Guguwa" in baƙi ne suka ce ba su ji ta ba.

Yanzu a ce an zauna an kawo sunaye huɗu: Taurarin Gobe, 'Yan Sha Huɗu, Raɓa, da Sanyin Murya.

Taurarin Gobe yana da daɗin faɗa, amma bai ce komai kan sauti ba. Ƙungiyar ƙwallo ko ta muhawara za ta iya ɗaukarsa ba a canza harafi ɗaya ba, kuma duk sunan da zai zauna wa kowace irin ƙungiya bai bayyana taku ba.

'Yan Sha Huɗu kuwa zai mutu ranar da yaro ɗaya ya bari. A nan ya kamata a dakata, domin ƙungiyar yara ta bambanta da ta manya ta wannan fuskar: ba ta tsayawa yadda take. Muryar yara maza kan fashe galibi tsakanin shekara 12 zuwa 15, wanda ke rera siririyar murya bana ya koma kauri baɗi. Wasu su gama makaranta, wasu su shigo. Saboda haka ki yanke shawara tun yanzu: waɗannan yaran ne za su girma tare da sunan, ko kuwa za a riƙa sallamar manya ana ɗaukar ƙanana? Ƙungiyar mawaƙa yara maza ta Vienna, babban birnin ƙasar Austria, wadda ake danganta asalinta da shekarar 1498, ta riƙe kalmar "yara" a sunanta ba matsala, domin yaro kan bar ta in ya kai wajen shekara 14, wani ya maye gurbinsa. In naku tsarin haka yake, "yara" ko "matasa" na iya shiga. In kuwa tare za su girma, kalmar za ta zame musu abin kunya nan da shekara huɗu. Haka ma sa sunan yarinyar da ke ba da waƙa: ranar da ta tafi sunan ya zama fanko, kafin nan ma ya riga ya sa sauran 13 jin su 'yan rakiya ne.

Raɓa ya dace da salon sosai, gajere ne, yana ɗauke da sanyi da taushi. Inda yake faɗuwa shi ne wajen rubutu. Yawancin shafukan sada zumunta ba sa karɓar harafi mai ƙugiya a sunan asusu, masu buga allon sanarwa ma sukan yar da ƙugiyar. Sai Raɓa ya koma "Raba", ƙungiyar da aikinta haɗa murya ta tashi da sunan rarrabuwa. Duk sunan da ke da ɓ, ɗ ko ƙ, ki rubuta shi ba ƙugiya ki karanta tukuna.

Saura Sanyin Murya. Gaɓa huɗu ne, ba ƙugiya, ya faɗi gaskiyar salon. Aibinsa ɗaya: magana ce ta yau da kullum, wanda ya neme ku a intanet zai nutse cikin abubuwan da ba naku ba. Gyaran ƙarami ne. A ɗauko ɗaya kalmar da baƙi suka maimaita, a ce Sanyin Amshi. Yanzu sunan ya faɗi abu biyu, cewa waƙar a sanyaye take kuma bayarwa da amsawa ce, sannan ba haɗin da ake ji kullum ba ne.

Kafin a tsayar da shi, a gwada shi da baki. Yaran su yi tafin waƙarsu da aka fi sani, su faɗi sunan a kan tafin sau huɗu. Sunan da ya hau bugun ba tare da an haɗiye gaɓa ba zai yi daɗi a bakin mai gabatarwa da na masu kiran a maimaita. Sautuka irin m, n, y da l suna tafiya da waƙa mai taushi, su ƙ da ts da g kuma sun fi zama wa mai zafi, shi ya sa "Guguwa" ke yi miki nauyi a kunne. Sannan ki faɗa wa wani sunan ta waya sau ɗaya, ki ce ya rubuto miki. In ya rubuta daidai, kashegari kuma ya tuna, sunan ya ci. Daga ƙarshe ki bincika shi a YouTube da sauran wuraren da ake sa waƙa. In akwai ƙungiyar waƙa mai aiki da shi, ki bar mata ko da a wata ƙasa take, domin waƙoƙinku za su cakuɗe da nata, in kuma ta yi masa rajista ana iya tilasta muku canzawa bayan kun buga riguna.

Batun wanda zai yanke hukunci, kada ki sa suna ke kaɗai, kada kuma ki buɗe ƙuri'a a kan duk abin da aka kawo. Ki tace zuwa uku da suka tsallake gwaje-gwajen nan, yaran su zaɓa a rubuce a asirce. Ɗaga hannu yakan sa 'yan shekara 11 su bi 'yan 16. "Guguwa" kuma ba sai an jefar da shi ba: in kuna da waƙa ɗaya mai sauri da kuke rufe taro da ita, a ba ta sunan.