Kumburin idon sawu da yamma: safa ko maganin sa fitsari?

Tambaya: Shekarata 46, aikina koyarwa, kuma a tsaye nake wuni. Kullum da yamma sai idon sawuna duka biyu su kumbura har takalmi ya matse ni, amma kafin gari ya waye sun sace. Ina shan amlodipine saboda hawan jini. In sayi safa mai matse ƙafa, ko maganin sa fitsari da wata abokiyar aikina ta ba ni shawara?

Amsa: Malama, kada ki sayi maganin sa fitsari irin su furosemide da kanki, domin yana fitar da ruwa da gishirin jiki fiye da kima, yana iya taɓa ƙoda, kuma ba ya magance musabbabin kumburin.

Idan mutum ya daɗe a tsaye wuri ɗaya, tsokar sha-raɓa da ke tura jini sama ba ta motsi, sai ruwa ya taru a ƙasan fata, shi ya sa kwanciyar dare take saukar da shi. Sai dai amlodipine ma ya yi suna wajen kumbura idon sawu, don haka ki tuna ko abin ya soma bayan fara shansa ko ƙara miki adadinsa. Kada ki daina sha. Ki faɗa wa likita, yana iya rage shi ko ya sauya wani, ya kuma auna furotin a fitsarinki da aikin ƙoda a jini.

Idan gwajin ya fito lafiya, safar ita ce sayen da ya dace. Ki nemi mai kaiwa ƙasan gwiwa, mai matsi 15 zuwa 20 mmHg, ki auna kaurin idon sawunki da safe kafin ya kumbura don ki zaɓi safa daidai ƙafarki, ki sa ta tun kafin ki fara zirga-zirga, ki cire lokacin barci. Mai ciwon sukari ko toshewar jijiyoyin jini na ƙafa, sai da izinin likita.

Akwai alamun da ba sa jira. Idan kina haki wajen ɗan aiki, ko ba kya iya kwanciya sai kin tara matasan kai, ko nauyinki ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, zuciya ake tuhuma. Kumburin fuska da kewayen ido da safe, tare da fitsari mai kumfa, ƙoda yake nunawa. Ƙafa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, da zafi da ciwo, tana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma a ranar za a je asibiti.

Mai juna biyu kuwa, ɗan kumburin sawu ba baƙon abu ba ne, amma idan ciki ya wuce mako 20, fuska da hannuwa suka kumbura kwatsam, ga ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani, ko awon jini ya kai 140/90, to a kai ta asibiti nan take, domin hakan kan rigayi jijjigar masu ciki.