Rawutar da ka gada a Guangzhou ba ta jin Turanci

"Yaya, salamu alaikum. In Allah Ya yarda wata mai zuwa zan iso Guangzhou karatu. Ɗakin da zan kama, wani ɗan Kano da ya gama ne zai bar mini, har da rawutar waifai. Ya ce shafinta duk Sinanci ne, shi ma bai taɓa canza komai ba. Ta yaya zan canza suna da kalmar sirri in na zo?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kai ne na nawa ban sani ba da ya yi mini wannan tambaya, kuma yawancinku sai bayan kun riga kun danna abin da bai kamata ba kuke tunawa da ni. Kai da ka tambaya tun kana gida, ka kyauta wa kanka.

Ka cire rai da samun wurin sauya harshe. Rawutar da aka ƙera don kasuwar cikin Sin, yawanci Sinanci kaɗai ke cikinta, ko da sunan kamfanin iri ɗaya ne da wanda ka saba gani a Farm Centre. Kuma kada ka dogara da fassarar Google, domin ba ta aiki a nan, tun 2022 ma kamfanin ya janye ta daga babban yankin Sin. Abin da muke yi shi ne mu buɗe shafin a kwamfuta, mu ɗauki waya mu shiga WeChat, mu taɓa Scan sannan Translate, mu haska allon. Yana taimakawa, amma fassarar takan zo a karkace, shi ya sa na fi so ka haddace siffar kalmomi biyar kawai. 无线 shi ne waifai. 名称 suna. 密码 kalmar sirri. 设置 saiti. 保存 adanawa. Ba sai ka iya furta su ba, ganewa da ido ya isa. Ka kwafe su ka ajiye a wayarka tun yanzu.

Da ka shiga ɗakin, duba ka ga akwati nawa ne a jikin bango. A gidaje da yawa biyu ne. Akwai na kamfanin intanet, wanda siririyar wayar gilashi ke shiga cikinsa, mutanen nan suna ce masa 光猫. Sannan akwai rawutar da mai ɗaki ya saya da kuɗinsa ya jona a jikin na farkon. Kowanne yana iya watsa nasa waifai, kowanne kuma da nasa shafi. Sunan da wayarka ta nuna zai gaya maka wanda kake kai: in ya fara da ChinaNet ko CMCC ko CU, na kamfani ne, in ya fara da TP-LINK ko Xiaomi, rawutar ɗaki ce. Na ga wanda ya kwana yana canza suna a akwati ɗaya yana jiran ɗayan ya canza.

Mu ɗauka TP-LINK ce, don ita na fi cin karo da ita a ɗakunan ɗalibai. Juya ta ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta, za ka ga adireshin shiga, tplogin.cn. Ka haɗu da waifai ɗinta, ka kashe datar wayarka, ka kashe VPN. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da baƙi, domin kowa na sauka daga jirgi da abinsa a kunne, shi kuma yakan kwashe buƙatarka ya kai ta waje, alhali shafin da kake nema yana cikin ɗakinka. In adireshin ya ƙi buɗewa duk da haka, nemi lambar rawutar kai tsaye. A kwamfuta mai Windows ka buɗe cmd ka rubuta:

```
ipconfig
```

Layin da aka rubuta Default Gateway, ko 默认网关 in kwamfutar ta nan ce, lambar da ke gabansa ita za ka sa a burawuza, a wurin adireshi, ba a wurin bincike ba. Sau da yawa 192.168.1.1 ce ko 192.168.0.1. Ta Xiaomi 192.168.31.1 ce, ta Huawei kuma 192.168.3.1.

Shafin zai buɗe da akwati guda yana neman 管理员密码. A nan ne ake ruɗewa, kuma a nan zan daɗe. Kalmomin sirri uku ne a cikin na'urar nan, duka suna ƙarewa da 密码, abin da ke gabansa ne ya bambanta su. 管理员密码 ita ce ta shiga shafin kansa. 无线密码 ita ce ta waifai, wadda kake ba baƙonka. 宽带密码 kuwa ta layin intanet ce, wadda kamfani ya ba wanda ya yi rajistar layin, tare da lambar asusu, 宽带帐号. Kai ta biyu kake son canzawa, amma sai ka mallaki ta farko za ka isa gare ta, ta uku kuma ko kallonta kada ka yi.

Ita ta farkon ba ta kan takardar da ke ƙasan na'urar, domin sababbin TP-LINK ba sa zuwa da ita daga kamfani, wanda ya fara kunna rawutar shi ke ƙirƙirarta. Saboda haka ɗan Kanon nan, ko wanda shi ma ya gada daga hannunsa, shi ke da ita. In ya ce ya manta, gwada kalmar sirrin waifai ɗin da ake amfani da ita yanzu, mutane da yawa guda suke sa wa duka biyun. Kada ka yi ta cinke ba iyaka, wasu na'urorin suna kulle ƙofa na wani lokaci in kuskure ya yi yawa.

Ka shiga. A ƙasan allo za ka ga manyan gumaka huɗu, wanda kake nema shi ne 路由设置. Taɓa shi, jeri zai fito a gefen hagu. Ka nemi 无线设置, wato biyu daga cikin kalmominka biyar a haɗe. Dab da shi akwai 上网设置, su biyun sun yi kama ga idon baƙo, amma wancan gidan layin intanet ne, inda kalmar sirri ta uku take zaune. In ka ga shafi da 宽带 a jiki, ka yi ɓatan kai, koma baya ba tare da ka adana komai ba.

A cikin 无线设置 layi biyu ne naka: 无线名称 da 无线密码. A na farko ka goge tsohon suna ka sa naka da haruffan boko, ba tare da ƙ ko ɗ ko ɓ ba, domin wasu na'urori suna nuna irin waɗannan a matsayin shirme. A na biyu ka sa sabuwar kalma, haruffa 8 ne mafi ƙaranci, 63 mafi yawa. Ka tabbata allon rubutunka yana kan Turanci lokacin da kake bugawa. In kwamfutar aro ce tana kan Sinanci, tana iya saka maka faffaɗan haruffa da alamomi masu kama da na boko alhali ba su ba ne, shafin ya ƙi karɓa ka rasa dalili. Akwai wani ɗan akwati mai alamar maki, 开启无线广播. Bar shi yadda yake, in ka cire makin sunan waifai zai ɓace daga jerin da wayoyi ke gani.

Mai yiwuwa ka ga waɗannan layukan sau biyu, ɗaya ƙarƙashin 2.4G, ɗaya ƙarƙashin 5G. Wannan 5G ba ta layin waya ba ce, zango na biyu ne na waifai, ya fi sauri amma bango na rage masa ƙarfi. Ka canza duka biyun, kowanne ka danna nasa 保存. In ka canza ɗaya ka bar ɗaya, duk wanda ya taɓa shan shayi a ɗakin nan yana nan da hanyar shiga. In akwai 多频合一 a kunne, an haɗe su wuri guda, sau ɗaya za ka rubuta.

Kana danna 保存 shafin zai tsaya cak, wayarka ta faɗo daga intanet. Ba ka ɓata komai ba, tsohon sunan ne ya daina wanzuwa. Jira kamar minti guda, nemi sabon suna, sa sabuwar kalma. In kalmar kaɗai ka canza ka bar sunan, wayar za ta yi ta gwada tsohuwar tana cewa ta kasa, sai ka sa ta manta da waifai ɗin ka sake haɗawa.

Yanzu abin da ya sa nake rubutu da zafi. A ƙasan jerin hagu akwai wuri mai maɓalli biyu kusa da juna. 重启 kashewa da kunnawa ne kawai, ba ya cutarwa. 恢复出厂设置 yana goge komai ya mayar da na'urar kamar ranar da ta fito daga kwali, haka ma ɗan ramin Reset da ke bayanta in ka danne shi da tsinke. Duk wanda ka tambaya a rukunin ɗalibai zai ce maka kawai ka yi riset. In akwatin kamfani ne ke riƙe da asusun layin, ka tsira, rawutar za ta karɓi intanet da kanta. In kuwa rawutar ce ke riƙe da shi, ka goge lambar asusu da kalmar sirrin da ba ka taɓa gani ba. Wani abokin zamana ya yi mana haka ana tsakiyar jarrabawa. Layin da sunan mai gida yake, a nan kuma ana rajistar layi da katin shaidar mutum ne, kamfani ba ya ba wani daban bayanin. Mai gidan ya ƙi ɗaga waya, da ya ɗaga kuma ya yi mana magana kamar mun fasa masa bango. Da datar waya na ƙarasa aikina, har yau in na tuna raina na ɓaci.

Akwai hanyar sanin matsayinka kafin ka taɓa komai. Leƙa 上网设置 da ido kawai, ka karanta layin 上网方式. In an rubuta 自动获得IP地址, riset ba zai raba ka da intanet ba. In an rubuta 宽带拨号上网, asusun yana cikin rawutar, kada ka kusanci ramin nan sai bayanan layin suna rubuce a hannunka.

In ya zamana akwatin kamfani kaɗai ke ɗakin, aikin ya ɗan sauya. Adireshi da sunan shiga da kalmar shiga duk suna kan takardar ƙasansa, a na China Telecom sunan yawanci useradmin ne. Ka shiga 网络, ka nemi WLAN. A can sunan waifai SSID ake rubutawa, kalmar sirri kuma sau da yawa 密钥 ce maimakon 密码, kusa da WPA. Wasu ba sa yarda ka cire ChinaNet daga farkon sunan, kada ka ɓata dare kana faɗa da shi.

Tun ɗan Kanon nan bai hau jirgi ba, ka sa ya turo maka hoton ƙasan kowane akwati, da kalmar shiga shafin, da lambar asusun layin da kalmar sirrinta. Ka tambaye shi da sunan wa aka yi rajistar layin da kuma watan da kuɗin zai ƙare. In da fasfonsa ne, ya je ofishin kamfanin ya rufe kafin ya tafi, kai ka buɗe naka in ka iso. Kilishin da ka ce za ka taho mini da shi kuma ka bar shi a gida, kwastan ɗin nan ba sa barin nama ya shigo.