Sunan kulob ɗinmu ya tsufa: yaya zan rubuta wa biro in nemi a canja shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan wasa ne a wani kulob na ƙwallon ƙafa na unguwa a nan Tawa. Muna da takardun hukuma, muna kuma buga gasar jiha. Sunanmu na Faransanci ne, dogo, ga lambar 2000 a ƙarshensa, har ƴan kallo na yi mana ba'a da shi. Mu matasa muna son a canja, amma waɗanda suka raɗa shi suna nan cikin biro, wato kwamitin gudanarwa. An ce ni zan rubuta wasiƙar. Me zan sa a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka ɗauki alƙalami da takarda, je wurin sakatarenku ka roƙi ya ba ka kundin dokokin ƙungiya, wanda aka kai wa hukuma lokacin da aka kafa kulob ɗin. Duba ayar farko. Kusan kullum nan ake rubuta sunan ƙungiya da mazauninta. Wannan yana nufin sunan wani yanki ne na dokokin, kuma canja shi gyaran doka ne. Sai ka tafi can wajen ƙarshen kundin, inda aka faɗi yadda ake gyara dokokin. A mafi yawan ƙungiyoyi babban taron mambobi ne kawai ke da wannan iko, kuma galibi ana neman rinjaye mai ƙarfi, kamar kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarta. Naku zai iya bambanta, shi ya sa na ce ka karanta da idonka, ka kuma rubuta lambar ayar a gefe.

In haka abin yake, ka ga ashe ƴan biro ba su da ikon ba ku abin da kuke so ko da sun yarda. Wasiƙar da ta ce musu "ku canja mana suna" ta ba su hanyar zillewa cikin sauƙi: su ce ba huruminsu ba ne, a ninke takarda a sa cikin akwati. Abin da za ka roƙa ƙarami ne kuma yana da wuyar ƙi, wato su sa maganar cikin jerin abubuwan da za a tattauna a babban taro mai zuwa. Dattijon da ba ya son sabon suna ma zai ji nauyin hana jama'a su yi magana a kai.

Sai batun dalili, kuma nan ne wasiƙun matasa suka fi lalacewa. Kada kalmar "tsufa" ta shiga takardarka, haka "ƙauyanci" da "ya wuce yayi". Mutumin da ya raɗa sunan nan yana zaune a wurin da za a karanta wasiƙar, kuma shi abin da zai ji shi ne an ce shi ne ya tsufa. Daga nan ba maganar suna ake yi ba, ta koma ta mutunci, kuma a wannan fagen matasa ba sa cin nasara a Adar. Kawo dalilan da kowa ke iya gani ba tare da an taɓa kowa ba. Lambar 2000 lokacin da aka sa ta alama ce ta hangen gaba, yau kuwa ƴan wasanku da yawa an haife su bayan shekarar. Sunan ya yi tsawon da ba ya shiga bayan riga sai an taƙaita. Magoya bayanku a bakin fili ba sa kiran sa, da sunan unguwa suke kiran ku. Wannan na ƙarshe ya fi sauran ƙarfi, domin yana nuna jama'a sun riga sun bar sunan da kansu.

Kana iya tuna musu cewa manya ma sun yi. Sahel SC da Olympic FC na Yamai da lambobin yankunan gari aka san su a da, Secteur 7 da Secteur 6, kafin su ɗauki sunayen da kowa ya sani yau. AS FNIS ta koma AS GNN bayan rundunar da ta mallake ta ta canja suna. Babu wadda aka ƙwace wa kofunan da ta ci a baya saboda haka. Layi ɗaya ya isa a kan wannan, kada wasiƙar ta zama darasin tarihi.

Game da sabon sunan, ra'ayina shi ne ka kawo guda ɗaya, ka ajiye na biyu a matsayin madadi. Wasiƙa mai sunaye bakwai takan raba magoya bayanka gida bakwai, masu son tsohon suna kuma suna nan a dunƙule. Kuma kafin ka rubuta shi, ka gwada shi ta hanyoyi uku.

Na farko, wani bai riga ku ba? Duk sunan da ya jingina da Adar zai sa a riƙa ruɗa ku da Ader FC, "Zumunci" kuma ya yi kusa da Zumunta AC ta Yamai. Ku tambayi ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha jerin kulob-kulob ɗin da ke rajista da FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ku duba.

Na biyu ya fi muhimmanci a ƙasarmu, kuma mutane kan manta da shi har sai an makara. Kyawawan kalmomin Hausa da yawa jam'iyyun siyasa sun daɗe da ɗauke su: Tarayya, Nasara, Rahama, Jama'a, Gaskiya, Lumana, Jamhuriya, Zaman Lafiya. An rusa jam'iyyun a 2025, amma kunnen mutane bai manta ba. A gari irin Tawa, ka sa wa kulob suna Tarayya ko Nasara, rabin unguwa za su ce an gane gidan da kuka dosa, ɗan kasuwar da ke saya muku ƙwallo kuma yana iya janye hannunsa ba tare da ya faɗi dalili ba. Haka ma sunan attajiri mai rai. Yau yana ba ku riguna, gobe kun ɓata, sunansa na nan liƙe a ƙirjinku.

Na uku shi ne yadda za a rubuta shi. Takardunku za su bi ta hannun ma'aikatan da suka saba da rubutun Faransanci, kuma haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ ba kowace na'ura ke fitar da su ba. A ce kun zaɓi Guguwa. Wani zai rubuta Guguwa, wani Gougoua, wani Gougouwa. Ranar da aka aiko muku tallafi da rubutun da bai dace da na asusunku ba, banki zai riƙe kuɗin har sai an gyara. Saboda haka ku tsayar da rubutu ɗaya tun a cikin wasiƙar, kuma shi za a bi a ko'ina.

Yanzu kuɗi. Ma'aji ba zai tambaye ka ko sunan yana da daɗi ba, zai tambaye ka nawa ne. Je kasuwa ka samo farashin gaske, ni misali kawai zan ba ka. Mu ƙaddara riguna 22 ne, buga sabon suna a kowace jaka ɗaya, jaka 22 ke nan. Sabon hatimi jaka 10, allon bakin fili da tuta jaka 25, takardu da zirga-zirgar ofisoshi jaka 15. Jimla jaka 72. In kuwa dama za a sayi sababbin riguna a farkon kakar wasa, jaka 22 ɗin nan ta fita daga lissafi, saura 50. Matasa 25 kowa ya ba da jaka 2, an gama. Wasiƙar da ta zo da wannan lissafi, har da alkawarin cewa asusun kulob ba zai fitar da ko dala ba, ta toshe bakin ma'aji tun bai buɗe ba.

Lokacin ma ya kamata ya fito a takarda. Lasisin ƴan wasa da rajistar kulob suna ɗauke da tsohon suna har ƙarshen kaka, don haka ku nemi sabon ya fara aiki tsakanin kaka biyu, kafin a sabunta rajista. Bayan ƙuri'a kuma akwai sauran aiki. Dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984, mai lamba 84-06, ta wajabta a sanar da hukuma duk gyaran da aka yi wa dokokin ƙungiya. Za a kai rahoton taron mai sa hannu da sabon kundin ofishin da aka ajiye takardun farko, ba tare da jan ƙafa ba, sannan a sanar da hukumar ƙwallo da banki. Muddin ba a yi wannan ba, a idon hukuma sunanku na da ne, ko me aka buga a riga.

Ga yadda jikin wasiƙar zai iya kasancewa, bayan kwanan wata da sunan gari:

"Zuwa ga Shugaba da mambobin biro. Bayan gaisuwa da girmamawa, mu da muka sa hannu a ƙasa muna roƙon a sa batun sunan kulob cikin abubuwan da babban taro mai zuwa zai tattauna, kamar yadda aya kaza ta dokokinmu ta tanada. Da sunanmu na yanzu iyayenmu suka kafa wannan kulob, da shi muka taso, kuma muna alfahari da abin da aka yi a ƙarƙashinsa. Sai dai mun lura magoya bayanmu ba sa kiran sa a fili, kuma lambar da ke ƙarshensa tana nuna shekarar da ta daɗe da wucewa. Muna ba da shawarar suna kaza, da wannan rubutu, madadinsa kuma kaza. Mun bincika, babu kulob mai rajista da ke amfani da shi. Muna roƙon launin riga ya zauna yadda yake, a kuma rubuta shekarar kafuwa a jikin tambari. Kuɗin canjin jaka kaza ne, bayaninsa na haɗe da wannan takarda, kuma mun ɗauki nauyinsa. In taro ya amince, muna son ya fara aiki kafin rajistar kaka mai zuwa. Duk hukuncin da taro ya yanke za mu bi shi. Allah ya ƙara girma."

Kada ta wuce shafi ɗaya. Ka lura da maganar launi da shekarar kafuwa: su ne abin da kuke bar wa dattawa a hannu, kuma sau da yawa su ke juya ƙuri'a. Masu sa hannu su kasance mambobin da suka biya kuɗin ƙungiya, domin wanda ake bi bashi da shi za a fara soke takardar. Yi kwafi biyu, sakatare ya sa hannu da kwanan wata a ɗaya ya mayar maka. In kundinku da Faransanci yake, ka haɗa da fassara don ajiya, amma ta Hausar za a karanta a taro.

Abu ɗaya kuma ba a takarda yake ba. Kafin wasiƙar ta isa hannun sakatare, ku biyu ko uku ku je gidan wanda ya raɗa sunan bayan la'asar, ku gaishe shi, ku ce "Baba, ga abin da muke tunani, mun zo neman shawararka." Ku karanta masa ita, in ya ce a gyara kalma ku gyara. Kada ya fara jin labarin a fada ko a WhatsApp. In ya nuna ya fi son madadin a kan na farko, ku ɗauki nasa ku sa a gaba, ku kuma roƙe shi ya zama shi zai gabatar da maganar ranar taro.