Bil ɗin intanet ya tashi daga dala 60 zuwa 234: cuta ce ko lissafi?

"Yaya, barka da war haka. In sha Allahu a watan Agusta zan shigo Amurka karatu. Wadda za mu zauna gida ɗaya ta canza tsarin intanet ɗinta zuwa mai ƙarfi saboda zuwana, ta ce daga dala 60 zai koma dala 90 a wata, mu riƙa rabawa. Yanzu ta turo mini bil na kusan dala 234, wai in kawo rabi. Ga hoton nan na haɗo miki. Ita ce ke son cutata ko kamfanin ne ya cuce ta?"

Ƙanwata, barka kadai. Na duba hoton, kuma ban ga alamar ha'inci daga wajenta ba. Lissafin kamfanin ma ya tafi daidai, in ban da layi ɗaya da nake so ta bincika. Amma akwai abin da ita kanta ba ta lura da shi ba, wanda zai shafi aljihunki kowane wata. Bari mu bi takardar tare, domin nan gaba ke za ki riƙa karanta irinta.

A gida mun saba da sayen data: ka biya, ka yi amfani, ta ƙare, ka sake saye. A nan yawancin kamfanonin intanet na gida kamar haya suke karɓa, wato kuɗin watan da za a shiga ake biya tun kafin a shige shi. Watan nasu kuma ba lallai ya fara ran ɗaya ga wata ba, yakan bi ranar da aka fara haɗa wa mutum layi. Na ƙawar taki yana farawa ran 10 ga wata, ya ƙare ran 9 ga na gaba. Duk ruɗanin daga nan ya taso, domin ta riga ta biya dala 60 na 10 ga Yuni zuwa 9 ga Yuli, sannan ta canza tsari a tsakiya, ran 22 ga Yuni.

Kafin ki karanta layukan, ki sani Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. Idan kin ga 07/09, 9 ga Yuli ke nan, ba 7 ga Satumba ba. Sababbin zuwa da yawa a nan suke fara ɓata. Ga abin da ke shafi na biyu na hoton:

```
Internet (new plan)   07/10-08/09    90.00
Equipment rental      07/10-08/09    15.00
Internet (old plan)   06/22-07/09   -36.00
Internet (new plan)   06/22-07/09    54.00
Equipment rental      06/22-07/09     9.00
Professional install  06/22         100.00
Taxes                                 1.92
Total                               233.92
```

Ki bar jimillar tukuna, ki kalli ranakun da ke gefen kowane layi. Su ne ke gaya miki irin kuɗin. Layin da ya ɗauki wata cikakke, shi ne zai dawo kowane wata. Wanda ya ɗauki guntun wata, gyaran lissafin baya ne. Wanda rana ɗaya tak aka rubuta masa, kuɗin sau ɗaya ne.

Mu fara da na guntun watan, wanda kamfanoni ke sa wa kan magana Partial month charges ko Prorated charges. Daga 10 ga Yuni zuwa 9 ga Yuli kwana 30 ne. Tsohon tsari dala 60, ya kama dala 2 a rana. Sabo dala 90, ya kama dala 3 a rana. Daga 22 ga Yuni zuwa ƙarshen watan kwana 9, sai a ƙara kwana 9 na Yuli, kwana 18 ke nan da ta yi a kan sabon tsari alhali kuɗin tsoho ta biya. Sai kamfanin ya maido mata kuɗin kwana 18 na tsohon, dala 36, shi ne layin da ke da alamar ɗebewa a gabansa. Sannan ya caje ta kwana 18 na sabon, dala 54. Bambancinsu dala 18 ne, wato ƙarin dala ɗaya a kowace rana. Mai karatu da gaggawa zai ga sabon tsari ya fito sau biyu ya ce an ninka masa, alhali ranakun ba su hau kan juna ba: ɗaya ya tsaya 9 ga Yuli, ɗayan ya tashi daga 10.

Abin da ake dubawa a nan shi ne layukan biyu su zo tare, da ranaku iri ɗaya. Idan kin ga dala 54 ba ki ga an cire 36 ba, to an karɓi kuɗin waɗannan kwanaki sau biyu, sai a kira su. Wasu kamfanonin layi ɗaya suke rubutawa na bambancin kawai, dala 18, wannan ma daidai ne. Sai ranar farawa. Idan ran 19 ta buga waya ta nemi canji amma sai ran 22 aka zo aka haɗa, lissafi ya kamata ya tashi daga ranar da sabon ya fara aiki. Idan kin yi naki lissafin kika ga saɓanin 'yan kwabbai, kada ki damu, wani kamfanin da 30 yake raba kowane wata, wani da ainihin kwanakin watan.

Yanzu ga abin da na ce ba ta lura da shi ba. Equipment rental kuɗin hayar na'urar da ke kawo intanet da waifai cikin gida ne. A da ba ta biyan sa, da alama tata na'urar take amfani da ita, kuma ba za ta iya ɗaukar saurin sabon tsarin ba, sai suka kawo mata tasu. Dala 9 ɗin na kwana 18 ne, sau ɗaya za a gan shi. Amma dala 15 ɗin ta zo zama. Saboda haka kuɗinku na wata ba 90 ba ne, 105 ne da ɗan haraji, kusan 106. A shekara hayar nan kaɗai dala 180 ce. Tun da karatunki zai kai shekara biyu, ni dai shawarata ku duba jerin na'urorin da kamfanin ya yarda da su a shafinsa, ku haɗa kuɗi ku sayi taku. Sai dai ku fara tambaya ko an ɗaura wani rangwame ko data marar iyaka a kan hayar, don kada ku rage nan ku yi asara can. In kun mayar da tasu, ku karɓi rasit ku adana, domin in ta ɓace a lissafinsu za ku ga layin Unreturned equipment da kuɗi mai nauyi.

Harajin da kika gani ƙarami ne don dokar tarayya ta hana jihohi sa haraji a kan intanet ɗin kansa. An kafa ta a 1998, aka mai da ita ta dindindin a 2016. Hayar na'ura kuwa ana iya sa mata harajin saye da sayarwa, shi ya sa dala 1.92 ɗin ya yi daidai da kashi 8 cikin ɗari na dala 24, wato 15 da 9. Ki dai lura, ba duk layin da ke kusa da haraji ne na gwamnati ba. Wasu kamfanonin suna da nasu ƙananan kuɗaɗe masu suna kamar na hukuma, kuma aljihunsu suke shiga.

Saura dala 100 na Professional install, layin da nake so ta bincika. Kuɗin turo ma'aikaci ne ya zo gida ya haɗa. Tambayar ita ce, ya zo ɗin? Gidan da akwai layi tun da, sau da yawa canjin tsari ba ya bukatar kowa. Su aiko da na'ura ko mutum ya je shagonsu ya karɓa, ya jona da kansa, abin da suke kira Self-install, wanda ko kyauta ne ko kuɗinsa bai kai rabin wancan ba. Idan da kanta ta jona, wannan ɗarin kuskure ne, a cire. Idan ma'aikaci ya zo saboda wayarsu ta waje ce ta lalace, tana da hujjar cewa gyaran nasu ne. Idan kuwa ita ta nema kuma aka gaya mata farashi ta amince, to ya hau kanta, sai dai ta roƙi sassauci, kuma sukan yi wani lokaci. Hujjarta tana cikin imel ɗin da suka turo ranar da ta yi canjin, wanda ke jera kuɗin wata da na sau ɗaya. Akwai kuma takardar Broadband Facts da hukumar sadarwa ta FCC ta wajabta wa manyan kamfanoni nunawa tun Afrilun 2024, inda ake rubuta farashin wata, ko na garaɓasa ne, da kuɗin haɗawa. Ta gwada su da bil ɗin layi bayan layi.

Garaɓasar nan ma a duba ta. Idan dala 90 ɗin farashin shekarar farko ne, za a ga ainihin farashin a sama da rangwame a ƙarƙashinsa, galibi da ranar ƙarewarsa. Ku rubuta ranar a wani wuri. Haka nan rangwamen barin kamfani ya riƙa cirar kuɗi daga banki da kansa yana iya ɓacewa idan an canza tsari, sai an tuna musu.

In za ta yi magana da su, ta bi ta wajen hira a manhajarsu don komai ya zama a rubuce, ta ɗauki hoton zancen. Kada ta ce bil ya yi yawa kawai, ta ambaci sunan layin, ranarsa da kuɗinsa, ta kuma tambayi a wane bil gyaran zai fito. Ta biya abin da ba ta musu a kansa kafin wa'adi, don kada tarar jinkiri ta hau. In sun ƙi saurarenta alhali tana da hujja, ana kai ƙorafi ga FCC kyauta ta intanet, kuma kamfani yana da kwana 30 ya ba da amsa.

Batun rabi kuwa, ga yadda nake gani. Kwanakin Yuni da Yuli ita ta sha intanet ɗinta, kina Kano, ba naki ba ne. Kuɗin haɗawa, in ya tabbata, dominki aka yi canjin, kyautatawa ce ki ɗauki dala 50. Rabon wata-wata ya fara daga bil ɗin 10 ga Agusta, kusan dala 53 kowaccenku. Ki faɗa mata da lafazi mai daɗi, shekara biyu za ku yi kuna cin abinci a tukunya ɗaya, kuma sunanta ne a kan layin, duk bashin da ya taru ita za a bi.

Bil na gaba shi zai tabbatar da komai: layi biyu da haraji, kusan dala 106, babu guntun wata, babu kuɗin haɗawa. In wani kaso na ɗarin ya sake fitowa, a duba ko rarraba shi suka yi wata-wata ko maimaitawa ce. Ranar da za ku bar gidan kuma, kada ku ɗauka za a maido muku ragowar kwanaki kamar yadda aka yi a nan. Kamfanin Spectrum, alal misali, tun 2019 ya daina mayar da kuɗin guntun watan ƙarshe a yawancin wurare. Ku tambayi naku tun da wuri, ku sa ranar yankewa ta faɗo dab da 9 ga wata.

Allah ya kawo ki lafiya. Ki gaishe mini da su Umma.