Zink da mura: wanne za a saya, kuma me yake yi wa ƙwayar cutar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, Zariya. Duk hunturu sai mura ta kama ni, ga aji cike da yara masu tari. Ƙanwata ta ce zink na rage kwanakin mura, na je kemis aka miƙo mini irin wanda ake ba yara masu gudawa. Shi zan sha ko akwai wani? Kuma da gaske yana aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki adana wannan zink ɗin saboda ranar da yaro zai yi gudawa, don aikinsa ke nan: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Wanda aka fi samun shaidar yana rage mura shi ne na tsotso, mai kama da alewa, da ake barinsa ya narke a baki. Bambancin yana da dalili, kuma ana jin dalilin na cikin yadda ƙwayar cutar ke hayayyafa.

Mafi yawan abin da ke jawo mura bairos ne da ake kira rainobairos, mai ire-ire sama da 150. Ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya manne wa ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bayan hanci da saman maƙogwaro, galibi ta wata mariƙa da ake kira ICAM-1, sannan ya shige ciki ya sa su yi masa aiki. Abin da suke fara ƙera masa furotin ne dogo guda ɗaya, wanda ba shi da amfani sai an yayyanka shi. Kamar yadi ne a gaban tela: hannu da wuya da jikin riga duk suna cikinsa, amma sai almakashi ya bi ta kai kafin a ɗinka. Bairos ɗin na zuwa da nasa masu yankan, 2A da 3C. Daga cikin guntayen ne ake samun ɓawon sababbin ƙwayoyin cutar da kuma abin da ke kwafar bayanan gadonta.

Tun 1974 Bruce Korant da abokan aikinsa suka nuna a ɗakin gwaji cewa zink na hana wannan yankan, sai dogon furotin ya taru, sababbin ƙwayoyi kuma su ƙi haɗuwa. A 2010 wasu masana a Holan suka ga yana tsayar da kwafar bayanan gado a bairos ɗin SARS mai jawo ciwon numfashi mai tsanani, amma sai da suka haɗa shi da wani sinadari mai shigar da shi cikin ƙwayar halitta. Wannan duk a kwalaben gwaji ne, inda ake iya zuba zink da yawa kai tsaye. Jikin mutum ba ya barin haka. Idan kika haɗiye ƙwaya, hanji ya ɗauki abin da zai ɗauka, jini ya ɗaure kusan dukkansa a jikin furotin, abin da zai isa bayan hanci a sake kaɗan ne ƙwarai. Mai tsotso kuwa tana jiƙa maƙogwaro da zink sakakke na minti ashirin ko talatin, dab da inda cutar take.

Yadda aka gano hakan ma abin sha'awa ne. George Eby, wani mutumin Tekzas a Amurka, ya ba 'yarsa ƙarama ƙwayar zink tana mura, ta ƙi haɗiyewa ta bar ta a baki, sai ya ga murar ta tafi da wuri. Shi ya kai ga gwajin farko da aka wallafa a 1984.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun yi ta saɓa wa juna, har Harri Hemilä na Jami'ar Helsinki ya jera su a 2011 ya lura da abu ɗaya: waɗanda aka ba ƙasa da miligiram 75 a rana ba su ga wani sauƙi ba, waɗanda aka ba fiye da haka ne suka gani. Lissafinsa na 2017 ya nuna ragin kusan kashi ɗaya cikin uku, wato murar kwana bakwai ta koma kamar biyar, kuma wuce miligiram 100 bai ƙara komai ba. Bitar da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken likitanci ta fitar a 2024 ita ma ta kawo ragin kusan kwana biyu, sai dai ta ce hujjar ba ta da ƙarfi, kuma zink bai hana kamuwa da murar ba. Don haka kada ki sa ran zai tsare ki daga tarin 'yan ajinki. A yara 'yan makaranta kuwa, wani gwaji na 1998 bai ga amfanin na tsotso ba.

To ga abin da za ki duba a kwali, kuma a nan ne kuɗin mutane ke zuba a banza. Ki nemi zink asitet ko zink gulukonet. Sannan ki bambance nauyin haɗin da nauyin zink ɗin kansa, domin gulukonet kashi 14 cikin ɗari ne kawai zink. A ce kin sami kwali biyu a wani kantin magani a Sabon Gari. Na farko ya rubuta gulukonet miligiram 50 da manyan baƙaƙe. Ainihin zink ɗin ciki wajen 7 ne, sai kin tsotsi goma sha ɗaya a rana kafin ki haura 75. Na biyu ya ce kowace ɗaya na da ainihin zink miligiram 13. Shida a rana, ɗaya duk bayan awa biyu zuwa uku daga safe zuwa kwanciya, sun ba ki 78. Na biyun ne abin saye, duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta. Za ki buƙaci kamar talatin don kwana biyar. In kwalin bai fayyace ba, ki tambayi mai harhaɗa maganin, ki kuma duba lambar NAFDAC.

Ki karanta jerin kayan haɗin ma. Masu yi kan zuba sinadarin tsamin lemo, wato sitirik asid, don ɓoye ɗanɗanon, shi kuwa yana riƙe zink ya hana shi sakuwa a baki. Alewar zink mai daɗin lemo da bitamin C, ni dai ba na ba ta kuɗina. Mai aiki takan bar ɗanɗanon ƙarfe da bauri a harshe. Ki fara cikin awa 24 na farko, da zarar maƙogwaro ya fara ƙaiƙayi, tun da a kwana biyu zuwa ukun farko cutar ta fi hayayyafa. Kada ki tauna, kuma ki ɗan dakata kafin ki bi da shayi ko ruwa. Idan atishawar daga ƙurar hunturu ce, ido na ƙaiƙayi, majina tsinkakkiya mako da makonni, babu bairos ɗin da zink zai tare.

Wannan adadi na miligiram 78 ya kusa ninka iyakar miligiram 40 da aka sa wa babba a rana, saboda haka na 'yan kwanaki ne, ki tsaya da murar ta tafi ko in mako ya cika. Shan sa wata da watanni na hana jiki ɗaukar sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, har ya jawo ƙarancin jini da mutuwar ƙafa. Yana tayar da zuciya in ciki babu komai. Kada a ɗiga ko a fesa shi a hanci: a 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutane sun daina jin ƙamshi. Mai ciki ko mai ciwon ƙoda ta fara ganin likita. Idan kina shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin sifurofuloksasin ko doksisaikilin, zink na iya rage shigarsu jiki, sai ki sha su awa biyu kafin zink, ko awa huɗu zuwa shida bayansa. In kuma zazzaɓi mai zafi ya shigo, ko numfashi na wuya, ko an wuce kwana goma babu sauƙi, ki je asibiti a duba ki, a haɗa da gwajin maleriya.