Akuya ko tunkiya a bayan gida a Agege?

"Ina da ɗan fili a bayan gida a Agege, jarina zai sayi dabbobi uku. Awaki zan fara ko tumaki?"

Malam, ka fara da awaki, amma gajerun nan na ƙasar Yarbawa, mata biyu da bunsuru ɗaya. Su suka saba da damshin Ikko. Cikinsu wata 5 ne kamar na tunkiya, sai dai akuya ta fi yawan tagwaye, kuma ɓawon rogo busasshe, kowar wake da ganye sun riƙe ta. Masu gidajen abinci suna neman namanta duk shekara.

Tunkiya kuwa ciyawa da dusa take so, kuma a nan harawa saye ake yi, ba yanka ba. Kuɗinta yana ga ragon Layya, lokacin da tireloli ke cika kasuwar dabbobi ta Oko-Oba da ragunan Arewa.

Na taɓa sayo Uda biyu da damina, na ɗaure su a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Cikin mako uku kofato ya ruɓe, suna ɗingishi, wari na tashi. Don Allah ka ɗaga musu daɓe da katako, kuma duk sabuwar dabba ka ware ta mako biyu, a yi mata rigakafin PPR, annobar nan ta awaki da tumaki, kafin ta shiga cikin sauran.