Tallan asusu da ribar 22%: abin da za a duba kafin a zuba kuɗi

Tambaya: "Wani kamfani na tallata asusun zuba jari, wai ribarsa 22% a shekara cikin shekara biyar da suka wuce. In yarda?"

Malam, ka fara da tambayar asusu nawa suka buɗe a farko. A ce kamfani ya buɗe guda goma. Huɗu suka yi asara, sai aka rufe su ko aka haɗe su da wasu, tarihinsu ya ɓace. Idan shidan da suka tsira sun ba da 22%, huɗun kuma sun yi asarar 8%, matsakaicin gaskiya 10% ne. Wanda ya zuba kuɗi tun farko bai san wanne zai tsira ba, amma kai waɗanda suka rayu kaɗai ake nuna maka.

A takardar bayanin asusun, nemi ribar kowace shekara daban, domin shekara guda mai kyau tana iya rufe huɗu marasa kyau. Duba ranar da aka kafa asusun: idan shekararsa uku amma jadawalin ya nuna biyar, biyun farko lissafin takarda ne, babu kuɗin kowa a ciki. Sannan ka tabbatar an cire ladan manaja kafin a rubuta ribar. 2% duk shekara ba ƙaramin abu ba ne.

Ni dai abin da na fi ba muhimmanci shi ne ma'aunin da aka gwada asusun da shi. Idan asusun na naira ne, hauhawar farashi a Najeriya ta haura 30% a 2024, don haka 22% a shekarar asara ce a aljihu. Kuma ka duba ko asusun na da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari a Najeriya.